Darasin Juma'a: Ina ake sa “me”, ina ake sa “myself”?

Darasinmu na wannan mako a kan wata kalma ce da ke yawan shiga takardunmu ba a gayyace ta ba. Duba wannan jimla, irin wadda ɗan kasuwa kan aika wa mai sayen kaya ta waya:

“Please send the money to Musa or myself.”

Da jin ta sai ka ce Turanci ya zauna. To, bai zauna ba. Mai duba jarrabawar NECO, wadda hedkwatarta ke nan Minna, zai ja mata jan layi, haka ma na WAEC.

Ma'aunin gane kuskuren yana bakinmu, domin Hausa ma tana da wannan kalma. “Myself” shi ne “kaina”, “me” kuwa shi ne “ni” ko “mini”. Bahaushe ba ya cewa “kaina” sai in aikin ya fito daga gare shi kuma ya komo kansa. Za ka ce “Na yanke kaina da wuƙa”, domin mai yankan da wanda aka yanka mutum ɗaya ne. Amma ba ka taɓa jin an ce “Audu ya yanke kaina” ba, sai fa in ana nufin ya fille maka kai, Allah Ya kiyaye. “Audu ya yanke ni” ake cewa. Dokar Turanci ke nan daidai wa daida: in mai yin aikin “I” ne, kuma aikin ya dawo masa, sai a sa “myself”. In wani ne ya yi aikin, “me” ake sawa.

Yanzu mu auna jimlarmu, mataki uku.

Na farko, cire sunan ɗayan mutumin. In Musa ya fita, saura “Please send the money to myself.”

Na biyu, tambayi kanka: wa zai yi aikin? Mai sayen kaya ne zai tura kuɗin, ba kai ba. A jimlar umarni ba a rubuta mai aikin, amma kowa ya san wanda ake yi wa magana ne.

Na uku, juya ta zuwa Hausa. “Don Allah ka tura wa kaina kuɗin.” Ko yaro ɗan firamare zai yi dariya. “Ka turo mini kuɗin” ake cewa. Ashe daidai shi ne: “Please send the money to Musa or me.”

Me ya kawo wannan kuskure? Tun muna aji ake kwaɓar mu in mun ce “Me and Musa went to the market”, sai muka ɗauka “me” ɗin ce ba ta da kyau ko'ina. Ga shi kuma “myself” ta fi tsawo, sai a ga kamar ta fi ladabi a takardar ofis. Daga nan mutum ya koma cewa “Myself and Musa went to the market”, an gudu ba a tsira ba. Cire Musa ka gani: “Myself went” ba magana ba ce. A nan kai ne mai tafiyar, don haka “I” ake so: “Musa and I went to the market.” Ku lura, Hausa kan fara da mai magana, “ni da Musa”, Turancin rubutu kuwa kan sa shi a ƙarshe.

Akwai wuri na biyu da “myself” ke da halin zama, wato wajen ƙarfafa magana. “I counted the bags myself” daidai ne, ma'anarsa “ni da kaina na ƙirga buhunan”. Alamarsa ita ce akwai “I” a jimlar, kuma ko an cire “myself” jimlar na nan tsaye da ƙafarta.

Gaskiya ne za ku ji ma'aikata, har da Turawan kansu, suna cewa “contact myself” a baki, kuma ana fahimtar su. Amma takardar jarrabawa, da wasiƙar neman aiki, da yarjejeniyar hayar shago a Kasuwar Kure, ba hira ba ce. A can ana auna mutum da abin da ya rubuta.

Ga aikin gida. Yara su zauna da iyaye bayan Magariba, a juya kowace jimla zuwa Hausa, a ware mai kyau da mai gyara:

1. “The landlord gave the receipt to myself.”
2. “I bought myself a new cap.”
3. “This matter is between Hauwa and myself.”

Amsa tana zuwa Juma'a mai zuwa, in Allah Ya kai mu. Allah Ya ba yaranmu ilmi mai amfani, Ya sa albarka a kasuwanninmu, amin.