Cire Haƙori Ga Mai Ciwon Sukari

Mai ciwon sukari ya fi sauran mutane saurin kamuwa da ciwon dasashi, kuma rauninsa ya fi jinkirin warkewa. Dalili kuwa, in sukari ya yi yawa cikin jini, ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta sukan raunana, ƙananan hanyoyin jini su ƙuntace. Alamar farko ita ce jini a jikin asuwaki ko buroshi. In aka ƙyale, dasashi ya kumbura ya tara mugunya, haƙori ya fara girgiɗi, sukarin kuma ya daɗa hauhawa.

Ga misali, a ce haƙorin wani magidanci ya lalace har sai an cire. Wajibi ne ya shaida wa likitan haƙori ciwonsa da irin maganin da yake sha. Ya je da safe, bayan ya karya kumallo ya sha magani yadda ya saba. Za a auna jininsa, in sukari ya yi yawa a ɗaga aikin.

Bayan an cire, sai ya ciji auduga minti 30. Kada ya kurkure baki sai bayan awa 24, sa'an nan ya riƙa yi a hankali da ruwan ɗumi, rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin kofi guda. Kada zafi ya hana shi cin abinci mai laushi, gama shan magani ba abinci yakan kayar da sukari har mutum ya suma.

In ciwon ya ƙaru bayan kwana 3, ko kumburi da zazzaɓi suka biyo baya, to, ya koma asibiti ran nan.