Kafin ki sa hannu a rahoton faɗuwar mara lafiya

Tambaya: An ba ni riƙon ɗakin maza a asibitinmu, kuma duk rahoton abin da ya faru da dare sai na sa hannu kafin ya wuce ofishin metiron. Makon jiya wata nas ta kawo min wannan: "Da dare mara lafiyan gado na 7 ya faɗo daga gado saboda mai jinyarsa ya yi barci. An mayar da shi, an sanar da likita, yana lafiya." Na ji bai cika ba, amma na rasa ta inda zan kama. Me zan duba?
Daga wata ma'aikaciyar jinya, Zariya.

Amsa: 'Yar'uwa, rahoton nan da saura. Ki karanta shi kamar wadda ba ta san ɗakin ba, ta buɗe fayil bayan wata shida. Duk inda za ta ce "yaushe?" ko "wa?", nan giɓin yake.

Tambayar da ta fi kowace nauyi ita ce: nas ɗin ta gani da idonta, ko iske shi ta yi a ƙasa? Ta rubuta "ya faɗo daga gado". In ba ta ga faɗuwar ba, wannan zato ne. Wataƙila ya sauko da ƙafarsa zai je banɗaki, jiri ya kwashe shi, ko santsi ya ja shi. Kowanne da irin gyaransa: ɗaya na ƙarfen gefen gado ne, ɗaya na magani, ɗaya na mai goge ƙasa. Kuma faɗuwar da ba wanda ya gani ana ɗaukarta kamar an bugu a kai har sai an tabbatar ba haka ba, don haka ake ci gaba da duba hayyacinsa da ƙwayar idonsa. Kalma ɗaya ta ɓoye duk wannan. Abin da ya dace ta rubuta shi ne: "Na iske shi zaune a ƙasa, gefen dama na gado." Abin da ya faɗa da bakinsa kuma a sa shi daban, a nuna cewa maganarsa ce.

Haka "saboda mai jinyarsa ya yi barci". Ko da gaske ya yi barcin, "saboda" hukunci ne, kuma rahoto ba kotu ba ne. Ni ina tsoron wannan kalma a rahoto, domin da zarar an samu wanda za a ɗora wa laifi, kowa sai ya daina tambaya.

Sai lokaci. "Da dare" ba lokaci ba ne. Ki nemi huɗu: lokacin da aka gan shi na ƙarshe lafiya, lokacin da aka iske shi, lokacin da aka kira likita, da lokacin da likitan ya iso. A ce ta amsa miki 1:30, 2:10, 2:20 da 3:05. Yanzu kin san akwai minti 40 da ba wanda ya san halin da yake ciki, da minti 45 na jiran likita. Ki ɗauko fayil ɗinsa da katin magani ki gwada. In katin ya nuna an ba shi diyazefam da ƙarfe 10 na dare, ko lasis mai sa yawan fitsari, to ga abin da rahoton ya tsallake. In yana shan wafarin, mai tsinka jini, maganar bugun kai ta ƙara girma.

"Yana lafiya" kuma, da wane awo? Nawa ne hawan jininsa da bugun zuciyarsa bayan faɗuwar? An duba kai da ƙugu kafin a ɗaga shi? Wane likita, me ya umarta, an yi? Ƙarfen gadon a ɗage yake ko a sauke, akwai wuta a ɗakin ko an ɗauke? An gaya wa danginsa da nas mai karɓar aiki da safe?

Abin da za ki kiyaye: kada ki cike giɓin da kanki, ko da kin san amsar. Ba ki wurin. Ki kira ta gefe tun abin bai dushe mata ba, ki yi mata tambayoyin, ita ta gyara da hannunta. Kuskure a ja masa layi ɗaya yadda zai karantu, ta sa hannu da kwanan wata, ban da farin fenti da yage shafi. Ƙarin bayani ya ɗauki kwanan watan ranar da aka ƙara shi, ba na daren ba. Inda ta ce ba ta tuna ƙarfe nawa ba, ta rubuta "misalin ƙarfe 2" maimakon ta ƙirƙiro minti. Ra'ayinki kuma ya tafi gurbin mai dubawa, da sunanki, sannan ki sa hannu.