Yadda Ake Haɗa Lissafin Rasit Mai Shafi Da Yawa Ba Tare Da Ninka Kuɗi Ba

A ce mai shagon kayan gini a Unguwar Gano ya kai wa ɗan kwangila kaya wurin aiki a Gyadi-Gyadi, layukan rasit ɗaya ba su isa ba, sai da aka ci shafi uku. Kayan shafin farko naira 420,000 ne, na biyu 310,000, na uku 150,000. Kuɗin da za a biya 880,000 ne.

Da farko ka yanke tsari ɗaya. Ko kowane shafi ya tsaya da jimlar kayansa kaɗai, ko jimla ta riƙa bin shafuka har ƙarshe. Na fi son na biyu, domin in shafi ya faɗi daga littafin, nan take za a gane.

A ƙasan shafin farko ka rubuta C/F 420,000, wato kuɗin da za a ɗauka gaba. A saman na biyu, kafin kowane kaya, ka sa B/F 420,000, ka ja layi ƙarƙashinsa, ka bar gurbin adadi da na farashi fayau, don kada a ɗauke shi kaya. Haɗa shi da 310,000, ƙasan shafin ya zama C/F 730,000. Shafi na uku ya buɗe da 730,000, ya rufe da 880,000. Nan kaɗai za ka rubuta "jimlar kuɗi", nan kaɗai za a sa hannu. Kowane shafi kuma ya ɗauki lambar rasit ɗaya da shaidar 1/3, 2/3, 3/3.

Ɓarnar tana zuwa ne in yaron shago ko akantan ɗan kwangila ya ɗauki kalkuleta ya tara ƙasan shafukan uku: zai sami 2,030,000. Kayan shafin farko sun shiga sau uku ke nan, na biyu sau biyu. Gane wannan ba wuya. Cire 880,000, saura 1,150,000, daidai da 420,000 da 730,000 a haɗe. Duk sanda rarar ta yi daidai da kuɗin C/F, ninki ne, kada a zargi kowa da ha'inci.

Kafin takarda ta fita, rufe layukan B/F da C/F, ka tara kayan zalla. Dole su ba da 880,000.

In kana sa harajin VAT, kashi 7.5 cikin ɗari, sau ɗaya ake lissafa shi a shafin ƙarshe: 66,000, kuɗi ya zama 946,000. Ragi da kafin alƙalami ma can ake cire su. Tsohon bashi kuwa ka rubuta shi da sunansa da kwanan wata a ƙasan jimla, kada ka sa masa B/F.

Mai aiki da Excel ya yi jimlar kayan kowane shafi, da babbar jimlar, da `=SUBTOTAL(9,E2:E60)` maimakon `SUM`, kowacce da layukanta, domin tana tsallake sauran SUBTOTAL da ke tsakani. Amma B/F da aka buga da hannu sai ta ƙirga shi, don haka ka ware masa gurbinsa daban.