Ɗiyata, Ki Tattala Ganin Da Ya Rage Wa Babanki

Ɗiyata, saƙonki ya iso ni. Na ji kun dawo daga asibitin ido na Makka a Yamai, kuma likita ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba zai dawo ba. Na ji har da maganar da ta fi ci miki rai. Wai mutanen gida suna cewa Baba yana gani sarai, tunda jiya ya tsinci allura a kan tabarma, amma ya tashi ya yi tuntuɓe da turmi. Kada ki riƙe su a zuci. Ni ma haka na ce da mijina, Allah ya jiƙansa, kafin in gane. Shekara tara na yi ina jinyar irin wannan ido, to ki saurara in gaya miki abin da na koya.

Ki fara da wannan. Ki sami takarda ki naɗe ta kamar bututu. Ki rufe ido ɗaya, ki leƙa da ɗayan, ki zagaya tsakar gida a haka. Za ki ga kaza a bakin rumbu tangaram, amma butar da ke gaban ƙafarki ba za ki gan ta ba. Haka babanki yake gani. Wannan ciwon yana cin jijiyar ido ne daga gefe, ya bar tsakiya sai daga baya. Ki ba ƙannenki da matan gida bututun nan su leƙa, kowa sau ɗaya. A gidanmu ranar da aka yi haka surutu ya ƙare.

Ga wani abu da bututun zai nuna miki. Idan kika matso da abu kusa, ɗan guntunsa kawai za ki gani. Idan kika ja baya sai ya shigo gaba ɗaya. Mai irin ganin mijina, a tazarar mita ɗaya abin da yake gani bai fi faɗin tafin hannu biyu ba. A mita uku kuwa ya kai rabin mita. Shi ya sa idan kina son Baba ya ga fuskarki, kada ki tsuguna dab da shi, hanci kawai zai gani. Ki zauna gabansa, taku biyu ko uku. Kuma ki yi magana kafin ki iso, ki faɗi sunanki. Wanda ya ɓullo masa ta gefe shiru, kamar daga sama ya faɗo. In za ki tashi ma ki ce kin tashi. Na taɓa dawowa daga madafa na tarar da mijina yana ba tabarma labari, ranar na yi kuka.

Yanzu tsakar gida. Ki tsaya a ƙofar ɗakinsa da safe, ki duba hanyoyinsa guda uku: zuwa makewayi, zuwa randa, zuwa zaure. Duk abin da bai kai gwiwa ba a kan hanyoyin nan abokin gaba ne. Turmi, kujerar tsuguno, turken akuya, duwatsun murhu, bokiti, tabarmar da bakinta ya naɗe. A kwashe su zuwa jikin katanga, a ba kowanne wurinsa, kuma kada ya sake tashi daga nan. Wannan ne mai wuya, ɗiyata. Kwashewa aikin yini ɗaya ne, amma hana yara mayar da su aikin kullum ne. Sannan ki ɗaga kai. Igiyar shanya, reshen bedi, bakin kwanon rumfa, duk abin da ke daidai goshi shi ma ba ya ganinsa, don idonsa yana ƙasa yana neman hanya. Ƙyaure kuma ko a rufe ruf ko a buɗe har bango. Ƙyauren da aka bari rabi shi ne ya fasa wa mijina gira.

Gidajenmu na Arewa komai launin ƙasa ne. Bango ja-ja, tsakar gida rairayi, dokin ƙofa laka, zana ruwan kara. Lafiyayyen ido yana rarrabe su, amma ido mai rauni duk ɗaya yake ganinsu. Maganin wannan farar ƙasa ce. Ki shafa ta a dokin ƙofar ɗakinsa, faɗin tafin hannu. Ki zagaye bakin ƙofar da ita. Ki shafa a ginshiƙan rumfa daga ƙasa har tsayin mutum, da bakin ramin makewayi, da gindin randa. Bayan damina sai a sabunta. Daga ɗakinsa zuwa makewayi ki ɗaura igiya mai kauri a jikin katanga daidai ƙugu, ki yi ƙulli babba inda zai karkata. Da dare hannu ya fi ido.

Haka ma wajen abinci. Tuwon gero a cikin akushi baƙi yana fitowa fili. Nono ko fura a baƙin kofi, shayi a farin kofi, don ya ga inda ya tsaya kada ya zuba. Ki ajiye masa komai wuri guda kullum, tuwo a gaba, miya a dama, ruwa a hagu. Ki faɗa masa sau ɗaya, sannan ki bar shi ya ci da kansa. Kada ki ba shi a baki. Mutumin da ya ciyar da gida shekara arba'in, wannan ya fi ciwon zafi a wurinsa.

Maganar haske tana da fuska biyu, ki natsu a nan. Idonsa yana son haske da yawa a kan abin da yake dubawa, amma ba ya son haske a cikin idon. Fitilar sola da aka rataya can a tsakiyar ɗaki ba ta yi masa komai. Ki sauko da ita kusa. Duk lokacin da kika rage tazarar fitila da rabi, hasken da ke sauka a kan takarda yana ninkuwa huɗu. Ki sa ta ta bayan kafaɗarsa, ɓangaren idon da ya fi gani, tana haska takardar ba fuskarsa ba. In kin ga yana ƙanƙance ido ko yana kare goshi da hannu, fitilar ba ta zauna daidai ba. A waje kuma ranarmu ta Dogon Kiriya kin san ta, ga farin rairayi yana mayar da ita sama. Malafa mai faɗi ita ce ta farko. Gilashi mai duhu yana taimakawa, amma ba baƙi ƙirin ba, mai ruwan ƙasa-ƙasa ya fi yi wa da yawan masu wannan ciwo daɗi. Ya gwada kafin a biya.

Ki lura da wannan sosai, don a nan ake faɗuwa. Ke in kin shigo ɗaki daga rana, nan da nan idonki ya washe. Shi nasa sai ya jima. Ya cire gilashin a bakin ƙofa, ya dafa bango, ya tsaya har ɗakin ya bayyana masa. Kada kowa ya ce masa shigo mana. Haka a ƙofar masallaci. Tocila ƙarama mai ƙarfi kuma ta zauna a aljihunsa dare da rana, ki riƙa duba cajinta. Kin san kunama ba ta sallama.

Sai madubin ƙara girma. Mun yi kuskure a nan, ba na son ki maimaita. Ɗana ya sayo wa babansa mafi ƙarfin da ya samu, don ya koma karatun Alƙur'ani. Ya ɗora a shafi, harafi ɗaya ya cika masa ido, ya rasa farkon layi ya rasa ƙarshe. Madubin yana amfanar wanda tsakiyar idonsa ta lalace ne, gefe yana nan, kamar yadda ciwon sukari yake yi wa wasu. Shi wannan yana tafiya kasuwa lafiya amma ba ya gane fuska. Babanki akasin haka yake. In likita ya auna ya ga tsakiyar ma ta raunana, sai a ba shi mara ƙarfi, mafi ƙanƙanta da zai wadatar. Kuma ki san ƙa'idarsa. Ki raba 100 da lambar ƙarfin, abin da ya fita shi ne tazarar da santimita. Tabarau mai lamba +4, takarda tana santimita 25 daga ido. Mai +10, santimita 10, kusa da hanci. Da yawa sun jefar da tabarau mai kyau don sun riƙe takarda nesa kamar da. Karatu kusa da ido ba ya ƙara lalata shi, kada wannan ya tsorata ku.

Abin da ya mayar da mijina karatu bai ci ko dala ba. Kwali na samu na shafa masa baƙin tukunya, na yanke taga a tsakiya, tsawon layi ɗaya, faɗin yatsa. In an ɗora a shafi, layin da ake karantawa kaɗai ke fitowa, ƙyallin takarda ya ɓace, ido ba ya ɓata hanya. Yana sa yatsan hagu a farkon layi, in ya kai ƙarshe ya dawo wurin yatsan ya sauka. Wani almajiri kuma yakan rubuta masa a allo da tawada mai kauri. Baƙin rubutu a kan wankakken allo, ai malamanmu sun daɗe da sanin abin da ido ke so.

Kuɗi ma ki koya masa ninki. Jika ɗaya a miƙe, jika biyu ninki ɗaya, jika biyar ninki biyu, jika goma a aljihu dabam. Ya riƙe kuɗinsa da kansa.

Na bar maganin ɗigawa sai yanzu don ina son ya zauna miki a rai. Zai ce miki wata uku yana ɗigawa bai ga ƙari ba. Gaskiya ya faɗa, ba zai ga ƙari ba. Aikin maganin shi ne ya sauke matsin da ke cikin ido, ya tsare ragowar. Ciwon ba ya zafi, shi ya sa ake sakaci, sai a wayi gari bututun ya ƙara tsukewa. Ki haɗa masa ɗigawar da lokacin salla yadda likita ya ƙayyade. In kwalba biyu ce, ki ɗaura wa ɗaya roba a wuya don hannu ya gane ta, kuma a bar minti biyar tsakaninsu. Ki sayo sabuwa tun saura ta mako biyu, kin san tafiya Dogon Dutsi ko Doso ba kullum ake samunta ba. Masu yawo suna kwantar da yana da tsinke, kada su taɓa shi, nasa ba yana ba ce. In ido ya yi ja da ciwo, ko gani ya ragu farat ɗaya, ranar za a nemi mota, ba a jiran ranar kasuwa. Ke da ƴan'uwanki kuma ku je a auna ku, musamman wanda ya kai shekara 40, don abin yana bin jini.

Sanda zai ƙi ta da farko, zai ce shi ba makaho ba ne. Kada ki matsa. Ki samo doguwa mara nauyi, wadda ta kai masa ƙirji, ki jingine a bakin ƙofarsa. Ba ta dogarawa ba ce, ana share ƙasa da ita dama da hagu, taku ɗaya a gaba, tana gano masa abin da ke ƙarƙashin bututun. In kuna tafiya tare, shi zai kama gwiwar hannunki, ke kina gaba da rabin taku. Kada ki ja shi, kada ki tura shi.

Ina nan tafe in an gama ɗaurin gero, in Allah ya yarda. Kafin nan ki shafa farar ƙasar, ki ɗaura igiyar. Kwalin karatu ki bar mini, zan yanka shi a gabansa daidai da layin Alƙur'aninsa. Ki gaishe shi, ki ce ƙanwarsa tana yi masa addu'a.