Hauhawar Bugun Zuciya a Hankali: Abin da Take Nunawa da Yadda Ake Gano Dalilinta

Bugun zuciya na hutu shi ne yawan bugawar da zuciya take yi a cikin minti ɗaya yayin da mutum yake kwance ko zaune cikin natsuwa, bai yi aiki ba, bai sha shayi ko ya ci goro ba, kuma ba ya cikin fushi ko tsoro. A wurin baligi lafiyayye wannan adadi yakan kasance tsakanin 60 da 100, amma kowane mutum yana da nasa adadin da jikinsa ya saba da shi, wanda ba ya sauyawa da yawa daga wata zuwa wata. Saboda haka mutumin da bugunsa ya daɗe a kan 65, sannan ya tashi zuwa 85 a cikin wata biyar, yana da abin bincike, ko da yake duka adadin biyu suna cikin iyakar da ake kira lafiya.

Yadda ake aunawa

Lokacin da ya fi dacewa shi ne da asuba, bayan farkawa kuma kafin a sauko daga gado. Ana ɗora yatsa manuniya da na tsakiya a cikin wuyan hannu, ta gefen babban yatsa, a danna kaɗan har a ji jijiya tana harbawa, sannan a ƙirga na minti ɗaya cikakke ana duban agogo. Ba a amfani da babban yatsa, domin shi ma yana da nasa harbin da zai iya rikita lissafi. Awon rana ɗaya ba hujja ba ne, tun da zazzaɓi yakan ƙara bugu kusan goma a kan kowane digiri ɗaya na zafin jiki, haka nan ƙishirwa da fargaba sukan ɗaga shi na ɗan lokaci. Abin dogaro shi ne a rubuta adadin kwana bakwai a jere, a fitar da matsakaicinsa, a kwatanta shi da na watannin baya.

Dalilai uku da aka fi samu

Zuciyar baligi tana tura jini kimanin lita biyar a minti ɗaya lokacin hutu, kuma aikin wannan jini shi ne kai iskar oksijin ga gaɓoɓi. Abin da yake ɗauke da iskar a cikin jini shi ne himogulobin, wato sinadarin da yake ba jini launin ja, wanda jiki ba ya iya yin sa sai da sinadarin ƙarfe. Idan himogulobin ya ragu, kowace lita ta jini tana ɗaukar iska ƙasa da yadda ta saba, sai zuciya ta ƙara sauri domin ta cike giɓin, kamar mai ɗiban ruwa da aka rage wa girman guga, wanda dole ya yawaita zuwa rijiya. Wannan shi ne ƙarancin jini, kuma bisa ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya ana ganin an same shi idan himogulobin ya gaza giram 13 a desilita ga namiji, 12 ga mace, 11 ga mai juna biyu. Yakan zo da kasala, da haki wajen hawan tudu, da jiri, da fari a tafin hannu da cikin fatar ido, wani lokaci ma da sha'awar cin ƙasa ko ƙanƙara.

Dalili na biyu yana a wuya, inda akwai wata 'yar gaɓa mai suna tayirod, wadda idan ta kumbura ake cewa mutum yana da maƙoƙo. Ita ce take fitar da sinadarin da yake tsara saurin da jiki yake ƙona abinci, kuma idan ta yi aiki fiye da kima sai komai na jiki ya yi gaggawa. Mai wannan lalura yakan rame alhali yana cin abinci sosai, yana jin zafi da gumi lokacin da wasu ba sa ji, hannunsa yana karkarwa idan ya miƙe shi, bayan gida yana yawaita, a wasu kuma idanu kan fito waje. Bugunsa ba ya sauka sosai ko a cikin barci. Ya kamata a sani cewa ba kowane maƙoƙo ne yake kawo wannan ba, kuma tayirod tana iya wuce kima ba tare da wuya ya kumbura ba, don haka gwajin jini mai suna TSH ne yake yanke hukunci, inda akan same shi ya yi ƙasa sosai.

Na uku shi ne rashin isasshen barci, domin a cikin barci ne jijiyoyin da suke lafar da zuciya suke rinjayar waɗanda suke zaburar da ita. Wanda ya daɗe yana kwana awa huɗu ko biyar, ko mai minshari mai ƙarfi wanda numfashinsa yake ɗaukewa ya dawo da shaƙewa, yakan wayi gari jikinsa bai huta ba. Ƙarin da wannan yake kawowa yawanci kaɗan ne, kuma yakan sauka idan barci ya daidaita. Sai dai rashin barcin kansa yana iya zama alamar tayirod, shi ya sa bai kamata a tsaya a kansa ba idan akwai rama ko karkarwa.

Misali

A ɗauka wata mace mai shekara 34 ta ga matsakaicin bugunta 68 ne a watan Janairu, 75 a Maris, 86 a Mayu. Barcinta bai sauya ba, ba ta rame ba, ba ta da juna biyu, wanda shi ma yakan ƙara bugu goma zuwa ashirin, kuma ba ta fara shaƙar maganin asma ba, wanda shi ma yakan sa zuciya sauri. Amma hailarta ta ƙaru zuwa kwana takwas da gudaji, kuma tana haki idan ta ɗauko ruwa. A asibiti gwajin TSH ya fito daidai, himogulobin kuwa ya nuna 9. A nan an gano abin da ya ɗaga bugun, saura a gano inda jinin yake tafiya, domin ban da haila akwai tsutsar ciki mai shan jini, da tsargiya, da zazzaɓin cizon sauro mai maimaituwa, da gyambon ciki mai zubar da jini a ɓoye. Idan an ba ta ƙwayar ƙarfe, ana sa ran himogulobin ya ƙaru da kimanin giram ɗaya cikin mako biyu zuwa uku, bugun kuma ya riƙa sauka tare da shi. Ana ci gaba da sha har wata uku bayan jinin ya daidaita domin ajiyar jiki ta cika, ba a kuma haɗa ƙwayar da shayi, tun da shayi yana hana hanji tsotsar ƙarfe. Idan wata guda ya wuce ba a ga ƙari ba, ko dai ba a shan maganin yadda ya kamata, ko jinin yana ci gaba da zuba, ko kuma dalilin ba rashin ƙarfe ba ne.

Kuskuren da aka fi yi shi ne sayen maganin ƙarin jini a kemis ba tare da gwaji ba, wanda ba zai amfani mai tayirod da komai ba, kuma a wurin namiji ko macen da ta daina haila yana iya jinkirta gano ciwon da yake zubar da jini a hanji. Hauhawar da ta kai bugu goma ko fiye kuma ta wuce wata guda ta isa a je asibiti da takardar da aka rubuta adadin a kai. Amma idan bugun hutu ya zauna sama da 100, ko yana tsalle ba bisa tsari ba, ko ya zo da ciwon ƙirji, ko suma, ko haki a zaune, to a ranar ake zuwa, ba a jiran a cika awon mako.