Daga Hoton Sanarwa Zuwa Takardar Aiki

Galibin sanarwar tallafin karatu da ke iso wa kwamitocin masallatanmu a Gwarzo da Kabo hoto ce ta WhatsApp, wadda ta bi hannuwa da yawa kafin ta zo. Abin da muke fara nema a jikinta shi ne shekara da sunan hukumar da ta fitar da ita, domin tsohuwar sanarwa kan sake zagayowa tamkar sabuwa. Idan gefen hoton ya yanke ko rubutun ya dushe, ba ma cike giɓin da zato. Mukan nemi asalin sanarwar a wurin hukumar.

Bari mu ɗauki misalin tallafin karatun digiri na biyu a ƙasashen waje da Gwamnatin Jihar Kano ta sanar a 2023, wanda ya kai ɗalibai Indiya da Uganda. Manyan sharuɗɗansa biyu su ne mai nema ya kasance ɗan asalin jihar, kuma mai digiri mai daraja ta ɗaya. Sai mu ja layi a takarda gida huɗu: sharaɗi, takardar da ke tabbatar da shi, ofishin da ke bayar da ita, da ranar da ya wajaba ta shigo hannu.

Sharaɗin daraja mukan fara dubawa, saboda shi ne ke yanke magana. A ma'aunin maki 5.00 da yawancin jami'o'inmu ke bi, daraja ta ɗaya tana farawa ne daga 4.50. Mai 4.49, duk da kusancinsa, bai shiga ba, kuma gaya masa haka tun da wuri ya fi a kashe masa kuɗin zakka a kan fasfo.

Zama ɗan asalin jiha kuwa ba a tabbatar da shi da fatar baki, ko da kowa a gari ya san gidan su yaro. Takardar ƙaramar hukuma ake nema, wadda a bisa al'ada takan bi ta hannun mai unguwa da dagaci da hakimi kafin sakatariya. A nan ne muke jera takardu mu gwada sunaye harafi da harafi. Yaro ya zama Muhammad a takardar jami'a, Mohammed a katin ɗan ƙasa, ko ranar haihuwa ta saɓa. Gyaran wannan kan ci makonni.

Gida na huɗu ana cike shi ne da lissafi daga baya. A rubuta ranar rufewa da sunan wata a cike, ba lambobi kawai ba, sannan a ba kowace takarda nata wa'adin. Wadda ta fi jinkirin fitowa, kamar cikakken sakamako daga jami'a ko fasfo, ita za a fara nema. Namu wa'adin na ƙarshe mukan sa shi mako guda kafin na hukuma, saboda shafin cike fom kan cunkushe a kwanakin ƙarshe. A gaban kowane layi kuma mukan rubuta sunan ɗan kwamitin da zai bi shi.