Kafin ka sayi sabuwar madabod

Mai shago a Ƙofar Wambai ya kunna kwamfutarsa ta lissafin kaya da safe, allo baƙi ƙirin, sai kuka: dogo ɗaya, gajeru biyu. Ɗan'uwa, kada ka yi gaggawar cewa madabod ta ƙone. A tsoffin kwamfutoci masu Award BIOS, wannan kukan katin hoto yake nunawa. Dogon kuka mai maimaituwa kuwa, RAM ne.

Zare wuta tukuna. Ciro katin hoton, kaɗe ƙurar hunturu, goge haƙoran zinarensa da abin goge fensir, ka mayar har ya zauna daram.

In kana zargin madabod ɗin, cire RAM duka ka kunna. Ta yi kuka? Da sauran ranta. In shiru, duba ko ƙaramar lasifikar da ke yin kukan tana haɗe, ka kuma gwada wani akwatin wuta.